Tarihin Bayofim da Ƙidayar Bakteriya: Dalilin da Ya Sa Magani Ke Kasa Wanke Kayan Asibiti

Bayofim shi ne sunan da masana suka ba taron bakteriya da suka manne a jikin wani abu, suka lulluɓe kansu da yauƙin da su da kansu suka fitar. Ba baƙon abu ba ne a kowane gida. Santsin da hannu ke ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, da dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, da sulɓin dutsen rafi, duk shi ne. Abin da ya sa ya zama babban batu a likitanci shi ne yana yin irin wannan zaman a jikin robar fitsari, da robar da ake zurawa cikin babbar jijiya, da ƙarfen da ake ɗaure karaya da shi, da gaɓar roba, kuma idan ya zauna a nan maganin da ke kashe ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kan kasa kawar da ita a jikin maras lafiya. Fahimtar wannan ta biyo hanyoyi biyu da suka daɗe ba su san da juna ba, ɗaya daga haƙori da duwatsun ruwa, ɗaya daga hasken teku, har suka haɗu a 1998.

Hanyar farko ta soma ne a garin Delft na ƙasar Holan. A 1683 Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi mai wasa gilashin ƙara girman abu, ya kankaro farar dauɗa daga tsakanin haƙoransa ya duba, ya ga ƙananan halittu masu rai suna ninƙaya a ciki, ya kuma rubuta wa Royal Society ta Landan labarinsu. Ya yi wani ɗan gwaji da sai bayan ƙarni uku aka gane nauyinsa. Da ya haɗa dauɗar da ruwan khal a wajen baki, halittun suka mutu nan take. Da ya kurkure bakinsa da ruwan khal ɗin sannan ya sake kankarowa, sai ya tarar da su da rai. Ya yanke cewa ruwan ya kashe na saman dauɗar ne kawai, bai ratsa cikinta ba.

Ilimin ƙwayoyin cuta bai bi wannan sawu ba. A shekarun 1880 Robert Koch da almajiransa suka kafa tsarin ware ƙwayar cuta guda, a raine ta ita kaɗai a faranti ko a cikin romon kwalba, kuma da wannan tsari aka gano masu haddasa tarin fuka da kwalara. Nasarar ta yi girman da ya sa aka ɗauki bakteriya mai yawo ita kaɗai a cikin romo mai wadatar abinci a matsayin bakteriya ta ainihi. Duk gwajin magani da aka ƙirƙiro daga baya a kan irin wannan ƙwaya aka gina shi, har da wanda ɗakunan gwaji ke yi a yau. Akwai waɗanda suka ɗaga murya. Arthur Henrici a 1933 ya tsoma gilasai cikin ruwa ya ga yawancin bakteriyar ruwa a manne suke rayuwa, Claude ZoBell kuma a 1943 ya nuna irin haka a ruwan teku. Amma an ɗauki aikinsu a matsayin zancen masu jiragen ruwa da bututu, wanda bai shafi gadon asibiti ba.

Wanda ya jawo batun zuwa asibiti shi ne Bill Costerton na Jami'ar Calgary a Kanada. Ya fara da tumbin shanu, inda ya ga bakteriya manne da ciyawar da suke narkarwa, sannan ya koma ƙoramun tsaunuka, inda ƙidaya ta nuna cewa na jikin dutse sun ninka na cikin ruwa nesa ba kusa ba. A 1978 shi da abokan aikinsa suka wallafa maƙala a mujallar Scientific American a kan yadda bakteriya ke mannewa, suka ce wannan ita ce rayuwar da aka fi samun su a ciki ko'ina, har a jikin mutum. A waɗannan shekarun ne kuma Niels Høiby a Kopenhagen yake ganin Pseudomonas aeruginosa a dunƙule cikin yauƙi a majinar masu wata cutar huhu ta gado.

Hujjar da ta fi shiga kunnen likitoci ta zo a 1982. Thomas Marrie da Costerton suka ba da rahoton wani maras lafiya mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, wanda Staphylococcus aureus ta shiga jininsa. An yi masa magani mai ƙarfi na makonni, zazzaɓi ya sauka, jini ya wanke. Da aka tsayar da maganin cutar ta dawo, aka sake, ta sake dawowa. Bai rabu da ita ba sai da aka cire na'urar, kuma da aka duba bakin wayarta da madubin lantarki sai ga bakteriyar jibge, hawa a kan hawa, duk da maganin da aka yi ta ɗura masa. Gwajin ɗakin bincike ya ce maganin na kashe wannan ƙwaya, kuma gwajin bai yi ƙarya ba. Ƙwayar da ya auna ce ba a irin halin ta jikin waya take ba.

Dama an daɗe da sanin cewa baƙon abu a jiki na sauƙaƙa wa cuta shiga. A 1957 Elek da Conen a Landan suka gwada a fatar masu sa kai: ana buƙatar miliyoyin Staphylococcus aureus kafin ƙurji ya fito, amma idan aka bi da su ta zaren ɗinki na siliki, 'yan ɗaruruwa sun isa. Dalilin a fili yake yanzu. Da zarar an sa roba ko ƙarfe a jiki, furotin ɗin jini da na tsoka kan lulluɓe shi cikin mintoci, kuma wannan ƙwaya tana da ƙugiyoyin kama irin waɗannan furotin. Ga shi abin ba shi da jijiyoyin jini, kuma fararen ƙwayoyin jini ba sa aiki da kyau a gefensa. Anthony Gristina, likitan ƙashi, ya siffanta lamarin a 1987 da tsere: idan tsokar jiki ta riga rufe ƙarfen an tsira, idan bakteriya ta riga zama an shiga uku.

Gwajin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne na 1985, wanda Curtis Nickel, likitan mafitsara, ya yi tare da Costerton. Sun yanka robar fitsari ƙanana-ƙanana, suka jera a cikin bututu, suka riƙa gudanar da fitsarin da aka haɗa a ɗakin gwaji mai ɗauke da Pseudomonas aeruginosa a kansu. Cikin awa 8 bayofim mai kauri ya rufe robar. Sai suka sauya ruwan da wani mai tsabta wanda aka zuba wa maganin tobramaisin har maikurogiram 1,000 a kowace mililita, adadin da ba a iya kai jinin mutum gare shi ba tare da lalata ƙoda da ji ba. Bayan awa 12 kaso mai yawa na bakteriyar na nan da rai. 'Yan'uwansu da ke yawo a ruwan bututun kuwa, maikurogiram 50 ya gama da su kakaf.

Mataki na ƙarshe na gwajin ne ya fi koyarwa. Sun kankaro waɗanda suka tsira, suka warwatsa su, suka auna mafi ƙarancin maganin da ke hana su yaɗuwa, wato abin da takardar sakamako ke rubutawa MIC. Ya fito maikurogiram 0.4, daidai da na bakteriyar da aka fara gwajin da su. Ke nan ba su sauya ba. Ba su sami wata sabuwar ƙwayar gado ba, kuma 'ya'yansu ba su gaji komai ba. Daga nan aka bambanta abubuwa biyu da har yau ake cakuɗa su a baki. Bijirewa magani hali ne na gado: ƙwayar na ci gaba da hayayyafa alhali maganin na nan, MIC ɗinta ya hau, kuma zuriyarta haka za ta kasance ko'ina aka kai ta. Juriya kuwa hali ne na zama: ƙwayar ba ta yaɗuwa a gaban maganin, amma ba ta mutuwa, ko tana mutuwa a hankali ƙwarai, kuma da an raba ta da mazauninta juriyar ta tafi. Abin da bayofim ke bayarwa galibi juriya ce.

Ana cikin wannan, hanya ta biyu ta yi nisa a wani fage dabam. A tekun Hawaii akwai wata 'yar dabba mai laushin jiki da hannaye da yawa, Euprymna scolopes, wadda ba ta wuce babban yatsa ba. Da dare take farauta a ruwa maras zurfi, kuma a cikinta akwai wani aljihu cike da bakteriya masu haske, Vibrio fischeri. Hasken da ke fita ta ƙasanta yana daidaita da na wata, sai inuwarta ta ɓace wa kifin da ke kallo daga ƙasa. A cikin aljihun bakteriyar kan kai biliyoyi a mililita guda, suna haske. A ruwan teku, inda suke tsiraru, ba sa haske ko kaɗan.

A 1970 Kenneth Nealson, Terry Platt da Woodland Hastings a Harvard suka bayyana dalilin. An lura cewa idan aka zuba waɗannan bakteriya a sabon romo suna hayayyafa tun farko amma haske ba ya tashi sai sun yi yawa, sannan ya tashi gaba ɗaya. Bayanin da ake yi a da shi ne romon na ɗauke da wani abu mai hana haske, wanda bakteriyar ke cinyewa a hankali. Su kuwa suka ce akasin haka ne: bakteriyar ne ke fitar da wani sinadari, idan ya taru ya kunna hasken. An tabbatar da haka ta tace romon da tsohon taro ya zauna a ciki a zuba wa tsiraru, sai su yi haske tun ba su yi yawa ba. Masana da dama sun yi wa batun kallon almara, domin a lokacin ba a yarda halitta mai ƙwaya ɗaya tana sauraron 'yar'uwarta ba. A 1981 Anatol Eberhard ya gano siffar sinadarin, ƙaramin abu daga dangin da ake taƙaitawa AHL. A 1983 da 1984 JoAnne Engebrecht da Michael Silverman suka ware ƙwayoyin gadon da ke aikin, suka dasa su cikin Escherichia coli, ita ma ta yi haske.

Tsarin mai sauƙi ne. Ƙwayar gado luxI na sa a ƙera sinadarin a kai a kai, kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ratsa bangon ƙwaya ya fita ba tare da shamaki ba. A buɗaɗɗen ruwa sai ya watse. A wuri matsattse mai cunkoso sai ya taru waje da ciki, har ya kai matakin da zai kama furotin LuxR, wanda ke kunna ƙwayoyin gadon haske. Daga cikin waɗanda yake kunnawa har da luxI kanta, saboda haka da an kai matakin sai ƙerar sinadarin ta ninka, taron duka ya juya lokaci guda. Hikimar a tattali take: hasken ƙwaya ɗaya asarar ƙarfi ce, ba mai ganin sa.

Sunan da aka san abin da shi ya fito a 1994, a wata maƙala ta Clay Fuqua, Stephen Winans da Peter Greenberg. Sun aro kalmar kworam daga zauren majalisa, wato adadin wakilan da dole su hallara kafin zama ya halatta, kuma ana ba da labarin cewa wani surukin Winans, lauya, shi ya kawo kalmar a wajen cin abinci. Kworam sensin ke nan, jin ko an cika adadi. Zuwa lokacin an gane ba zancen haske kaɗai ba ne. A ɗakin binciken Barbara Iglewski a Rochester an gano cewa Pseudomonas aeruginosa na da irin wannan tsari, lasI da lasR, sannan aka gano na biyu, rhlI da rhlR, kuma abin da suke kunnawa shi ne makaman cuta: sinadaran narka tsoka da guba. Ƙwayar na ɓoye makamanta ne har sai ta yi yawan da za su yi tasiri. Staphylococcus aureus ma tana da nata, mai suna agr, wanda ke amfani da ɗan guntun furotin a madadin AHL.

A ɓangaren bayofim kuma, sabon madubi mai amfani da hasken leza ya ba da damar kallon sa da ransa, ba tare da busar da shi ba. Daga 1991 hotuna suka nuna ba shafaffen yauƙi ba ne: akwai tuddai da ginshiƙai, akwai magudanan ruwa a tsakaninsu. An kuma tsara matakan ginuwarsa. Ƙwaya kan iso ta taɓa wurin ta saki, ta sake taɓawa, sannan ta kama da gaske. Ta hayayyafa ta zama ɗan gungu. Gungun ya fitar da yauƙi na sukari mai sarƙa da furotin da zaren DNA. Daga baya wasu su ɓalle su tafi neman sabon wuri. Duk wanda ya ga gini irin wannan zai tambayi wa ke tsara shi, kuma amsa na jiran a ɗauka.

A 1998 David Davies, tare da Costerton, Greenberg, Iglewski da wasu, suka wallafa gwajin da ya haɗa hanyoyin biyu a mujallar Science. Sun raini Pseudomonas aeruginosa iri biyu a kan gilashi, lafiyayya da wadda aka lalata wa lasI. Dukansu sun manne. Amma lafiyayyar ta gina tuddai da magudanai, gurguwar kuwa ta yi shimfiɗa siririya a cunkushe, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurin waccan. Da aka zuba musu sinadarin wanki SDS, lafiyayyar ta tsaya, gurguwar ta wanke cikin mintoci. Da aka ba gurguwar sinadarin saƙon daga waje, ta koma gini irin na 'yar'uwarta.

Sakamakon ya tayar da babban fata: idan saƙo ne ke gina bayofim, a toshe saƙon a huta. Har akwai abin toshewar a hannu. Wata jar ciyawar teku ta gaɓar Ostareliya, Delisea pulchra, ba ta yin santsi kamar maƙwabtanta, kuma a tsakiyar shekarun 1990 Staffan Kjelleberg, Peter Steinberg da Michael Givskov suka nuna tana fitar da sinadarai masu kama da AHL da ke rikita masu karɓar saƙon. A farkon shekarun 2000 aka nuna cewa irinsu da aka haɗa a ɗakin gwaji na sa tobramaisin ya fi cin bayofim, kuma yana taimaka wa ɓeraye kawar da cutar daga huhu.

Sai dai labarin bai tsaya a miƙe ba, kuma littattafan da suka ce kworam sensin ne ke gina bayofim, ba tare da togaciya ba, sun yi gaggawa. Wasu ɗakunan bincike sun maimaita gwajin 1998 da abinci dabam ko gudun ruwa dabam, suka ga gurguwar ta yi gini kamar lafiyayya; a 2006 aka nuna cewa bambancin ya danganta da irin abincin da aka ba su. A Staphylococcus aureus, wadda ta fi kowace damun masu ƙarfe da gaɓar roba, lamarin juyewa ma yake yi: kunnuwar agr na sa ta fitar da sinadaran da ke sassauta yauƙin don a watse, kuma waɗanda agr ɗinsu ya lalace kan yi bayofim mafi kauri. Ƙwayar kwalara ma haka take, kamar yadda ɗakin binciken Bonnie Bassler ya nuna a 2003: cikar adadi a wurinta alamar tashi ce. A huhun masu daɗaɗɗiyar cuta kuma an yi ta samun Pseudomonas da lasR ɗinsu ya mutu, suna zaune daram. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne ƙidayar na daidaita wasu sassa na rayuwar bayofim, kamar sakin DNA cikin yauƙi da fitar da sinadarin ramnolifid mai fasa fararen ƙwayoyin jini, amma alkiblarta ta bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Shawarar mannewa kanta ta fi rataya a kan wani saƙo na cikin ƙwaya, c-di-GMP, wanda idan ya hau ƙwayar ke ajiye iyo ta kama fitar da yauƙi.

Tambayar juriya kuwa ta sami amsarta ne daga masu aunawa. Zato na farko shi ne na Leeuwenhoek, cewa yauƙin katanga ce. A shekarar 2000 ɗakin binciken Philip Stewart a Montana ya gwada wannan kai tsaye da Klebsiella pneumoniae. Suka raini bayofim a kan takardar tacewa, suka sa magani a gefe guda, suka auna abin da ya ɓullo ɗaya gefen. Amfisilin bai ratsa ba, domin ƙwayar na fitar da sinadarin da ke lalata shi tun a bakin ƙofa. Amma da suka yi amfani da irin da ba shi da wannan sinadari, amfisilin ya ratsa, kuma duk da haka bai gama da su ba. Sifrofuloksasin ya ratsa cikin ɗan lokaci, shi ma bai gama da su ba. Katanga na da nata rabon, musamman ga magunguna irin tobramaisin da yauƙi ke riƙewa ya jinkirta su, amma ba ita ce babban dalili ba. Maganin na isa, ya tarar da waɗanda ba ya iya kashewa.

Babban dalilin yunwa ce da ƙarancin iska. Da aka zura siraran allurai masu auna iskar oksijin cikin bayofim, aka ga na sama na shanye ta kafin ta sauka, har a zurfin da bai kai kaurin gashin kai biyu ba an rasa ta. Na ƙasa suna raye amma kusan ba sa girma. Magungunan kashe bakteriya kuwa yawancinsu aiki suke ɓatawa, ba gini suke rushewa ba. Dangin fenisilin na hana ɗinke bangon ƙwaya yayin da take faɗaɗa shi, don haka wadda ba ta gina bango ba abin da za su yi mata; mai warware saƙa ba ya samun abin yi a wurin masaƙin da ya ajiye ƙoshiya. Dangin tobramaisin da jentamaisin kuma ba sa shiga ƙwaya sai da ƙarfin lantarkin da numfashinta ke samarwa, saboda haka inda babu oksijin a waje suke tsayawa. A 2003 ɗakin Stewart ya nuna cewa a bayofim ɗin Pseudomonas kisan na faruwa ne a bakin da iska ke kaiwa kaɗai. Akwai abin da ya ƙara tabbatar da wannan ta wata fuskar: kolistin, wanda ke fasa fatar ƙwaya ko tana aiki ko ba ta yi, ya fi kashe na ciki masu barci, na sama masu kuzari ne ke iya kare kansu daga gare shi.

Sai kuma 'yan tsirarun da ake kira masu naci. Tun 1944 Joseph Bigger ya lura cewa fenisilin ba ya taɓa share kwalbar Staphylococcus tas. Kullum akwai 'yan kaɗan da suka rage, waɗanda idan aka raine su suka yi yawa fenisilin ke sake kashe zuriyarsu kamar da. An manta da batun shekaru da dama, sai Kim Lewis ya farfaɗo da shi a farkon shekarun 2000. Waɗannan ƙwayoyi ne da suka faɗa wani irin dogon suma. A cikin jini ba su da hatsari sosai, domin fararen ƙwayoyin jini na tsince su bayan magani ya kashe sauran. A cikin yauƙi a jikin roba kuwa babu mai kai musu. Wannan ne ya bayyana labarin mai na'urar zuciya na 1982 daga farko har ƙarshe: magani ya kashe masu yawo a jini da na saman bayofim, zazzaɓi ya sauka, aka tsayar da magani, masu naci suka farka suka sake cika wurin, aka koma gidan jiya. Cunkoson na kuma sauƙaƙa musayar ƙwayoyin gado tsakanin bakteriya, kuma maimaita magani a kan taron da ba ya mutuwa na ba bijirewa ta gaskiya damar ɓullowa.

Robar fitsari ce inda aka fi cin karo da wannan a asibitocin ko'ina, daga dattijon da ƙabar mafitsara ta toshe wa fitsari zuwa matar da aka yi wa aiki. Kowace rana da robar ta ƙara a jiki, haɗarin samun bakteriya a fitsari na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, kuma bayan wata guda kusan kowa na da su. Proteus mirabilis na da nata salon, wanda David Stickler a Cardiff ya daɗe yana nazari: tana fasa sinadarin yuriya ya zama amoniya, fitsari ya koma mai kanwa-kanwa, gishirin kalsiyam da magniziyam su daskare cikin yauƙin har su toshe robar. Alamarsa fitsari mai zarni ƙwarai, tsakuwa-tsakuwa a bututu, da yoyo ta gefen roba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce ba a ba da magani don kawai an ga bakteriya a fitsarin mai roba alhali ba shi da alamun ciwo, kuma idan ciwon ya zo ga wanda robarsa ta daɗe, a sauya ta, a ɗebi fitsarin gwaji daga sabuwar.

Gano cutar ma sai da aka sauya dabara, tunda ƙwayar na jikin kayan ne ba a cikin ruwan da ake ɗiba ba. A 1977 Dennis Maki ya kawo hanyar mirgina bakin robar jijiya a kan faranti, inda gungu 15 ko fiye ke nuna ta kamu. Akwai kuma ɗiban jini biyu lokaci guda, ɗaya ta robar, ɗaya ta wata jijiya: idan na robar ya riga nuna tsiro da awa biyu ko fiye, robar ce tushen. A 2007 Andrej Trampuz da abokan aikinsa a Mayo Clinic suka nuna cewa girgiza gaɓar roba da aka cire da sautin da kunne ba ya ji, sannan a raini ruwan, na kama cutar a kusan kashi 79 cikin ɗari, inda rainon tsokar gefen ke kama kashi 61.

A magani, abin da ya tabbata kaɗan ne. Rifamfisin na cin Staphylococcus ko da ba ta girma sosai, kuma a gwajin Werner Zimmerli na 1998 a Suwizalan, a kan masu ƙarfen ƙashi da cutar ba ta daɗe ba kuma aka wanke wurin da tiyata, duka 12 da suka kammala shan sa tare da sifrofuloksasin sun warke, a rukunin da ya sha sifrofuloksasin kaɗai kuwa 7 cikin 12. Ba a ba da shi shi kaɗai, domin bijirewa gare shi na zuwa da sauri. Ga robar jijiya da ba a son cirewa, akan cika cikinta da magani mai ninkin ƙarfi ɗari zuwa dubu a bar shi ya kwana, amma idan Staphylococcus aureus ce, ko Pseudomonas, ko Candida, cirewa ake yi. Masu toshe kworam sensin kuwa, sama da shekara ashirin bayan gwajin ciyawar teku, ba su zama maganin da ake rubuta wa maras lafiya ba: sinadaran ciyawar sun yi guba da yawa ga mutum, kuma an sami bakteriyar da ke fitar da su waje da famfunan jikinsu.